Bashin haraji: yadda naira miliyan biyu ke komawa miliyan huɗu ko biyar

Takardar neman biyan bashin haraji takan zo da layi uku. Layin farko shi ne ainihin harajin da ba a biya ba, wato uwar kuɗi. Na biyu tara ce ta jinkiri. Na uku kuɗin ruwa. Yawancin 'yan kasuwa idan takardar ta iso hannunsu, jimillar da ke ƙasa kawai suke dubawa, su yi salati, su fara neman wanda zai roƙa musu ragi. Ba kasafai ake samun wanda zai zauna da alƙalami ya bi layi na uku ya ga yadda aka samo shi ba, alhali a nan ne kuɗin suka fi taruwa idan bashin ya daɗe.

A Najeriya tsarin ba ɓoyayye ba ne. Dokar da ta kafa Hukumar Tattara Haraji ta Tarayya, FIRS, a 2007 ta ce duk harajin da ya wuce wa'adinsa za a ƙara masa kashi 10 cikin 100 a matsayin tara, sannan ya riƙa ɗaukar ruwa a kan ma'aunin da Babban Bankin Najeriya ya sa, tare da ƙarin da ministan kuɗi zai ƙayyade. A 2017, lokacin da Kemi Adeosun ke ministar kuɗi, aka ƙayyade wannan ƙari a kashi 5. Sabbin dokokin harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, waɗanda suka sauya wa hukumar suna, sun riƙe wannan fasali na tara da ruwa.

Tara da ruwa ba abu ɗaya ba ne, kuma ba lokaci ɗaya suke cizo ba. Tara hukunci ce a kan saɓa wa'adi, ana lissafa ta a kan uwar kuɗi. Ruwa kuwa farashin lokaci ne. Hujjar gwamnati ita ce kuɗinta sun kwana a hannunka, ita kuma ta je ta ciwo bashi don ta cike gurbinsu. Da babu ruwan nan, da kowane ɗan kasuwa mai wayo zai riƙe harajinsa ya juya shi a kasuwa, ya mayar da baitulmali bankin da ba ya karɓar komai. Mutane da yawa a ƙasar Hausa suna ƙyamar mu'amala da kuɗin ruwa saboda addini, har suna guje wa rancen banki gaba ɗaya. To, wannan ruwa ba ya neman izinin kowa. Wanda ya yi jinkiri ya faɗa cikinsa ko bai taɓa taka ƙofar banki ba.

Mu ɗauki misalin wani kamfanin dillancin siminti a Kano wanda harajin naira miliyan 2 ya hau kansa, wa'adi ya cika bai biya ba. Tararsa naira 200,000 ce. A watan Satumban 2025 Babban Banki ya sa ma'auninsa a kashi 27. Idan muka ɗora kashi 5 ɗin can, ruwa ya zama kashi 32 a shekara. Za mu ƙaddara cewa wannan adadi ya tsaya bai motsa ba, don lissafin ya fito fili.

Hanya ta farko ita ce ruwa tsayayye, wanda ba ya haihuwa. Kullum a kan uwar kuɗi ake lissafa shi. Kashi 32 na miliyan 2 shi ne naira 640,000. Haka zai kasance a shekarar farko, haka a ta biyu, haka a ta uku. Idan aka raba shi a kan kwanakin shekara, kamfanin yana kwana da ƙarin bashin kimanin naira 1,750 kowace rana, har da Juma'a da ranar Sallah. Cikin wata huɗu ruwan ya riga ya zarce tarar da mai kamfanin ya fi jin tsoro. Bayan shekara uku ruwa ya kai naira 1,920,000. A haɗa da tara da uwar kuɗi, abin da za a biya ya zama naira 4,120,000.

Hanya ta biyu ita ce ruwa kan ruwa. A nan duk ruwan da ya taru ana ɗora shi a kan uwar kuɗi, shi ma ya fara ɗaukar nasa ruwan, kamar akuyar da ta haihu, 'yarta ma ta girma ta haihu a garke ɗaya. Idan sau ɗaya ake ɗorawa a shekara, shekarar farko ba ta da bambanci da waccan hanya, naira 640,000 ce. Amma a shekara ta biyu ba a kan miliyan 2 za a yi lissafi ba, a kan 2,640,000 ne, sai ruwan ya zama 844,800. A shekara ta uku bashin ya kai 3,484,800, ruwansa kuma 1,115,136. Jimillar ruwan shekara uku ta kusa naira miliyan 2 da dubu 600. Kashin bai canza ba, kwanakin ba su ƙaru ba, amma an sami bambancin kusan naira 680,000.

Abin bai tsaya nan ba, domin yawan lokutan da ake ɗorawa ma yana da nasa tasiri. Idan kowane wata ake tara ruwan a ɗora, kashi 32 ɗin da aka rubuta a takarda ya zama kusan kashi 37 a zahiri, ruwan shekara uku kuma ya haura naira miliyan 3 da dubu 150. Tare da tara da uwar kuɗi, bashin miliyan 2 ya wuce miliyan 5 da dubu 300. Mai son gwadawa a wayarsa ko a kwamfuta, ga yadda ake rubuta hanyoyin biyu:

```
2000000*0.32*3
2000000*(1+0.32/12)^36-2000000
```

Sai dai kada wannan ya firgita wanda jinkirinsa na ɗan lokaci ne. A wata uku, ruwa tsayayye a kan wannan bashi naira 160,000 ne, ruwa kan ruwa na wata-wata kuma kimanin 164,300. Tazarar ba ta kai kuɗin buhun siminti ɗaya ba. A gajeren jinkiri tara ce ke da zafi, shi ya sa wanda ya makara da mako ɗaya ya fi kowa jin an ƙware shi. Hanyar lissafin ruwa tana fara magana ne idan an shiga shekaru, kuma galibin manyan basussukan haraji na shekaru ne, domin sukan fito ne bayan jami'ai sun zo binciken littattafan shekarun baya. Mutum yana zaune yana ganin ba a binsa komai, ashe agogo ya fara bugawa tun ranar da ya kamata a ce ya biya, ba ranar da aka gano ba.

Ƙasashe sun sha bamban wajen zaɓen hanya. A Gana, dokar gudanar da haraji ta 2016 ta sa ruwa a kan kashi 125 cikin 100 na ma'aunin Babban Bankin ƙasar, kuma kowane wata ake ɗorawa. Wato idan ma'aunin banki 20 ne, ruwan haraji 25 ne, mai haihuwa. Ɗan kasuwar da ke da shago a Kumasi ko Accra ya san da wannan. A Amurka kowace rana ake ɗorawa. Birtaniya kuwa ruwa tsayayye take amfani da shi. Kenya ta sa kashi 1 a wata, tsayayye, ta kuma ƙara da cewa ruwan ba zai taɓa wuce uwar kuɗin ba. A ganina wannan iyaka ta Kenya hikima ce. Bashin da ya ninka kansa har mai shi ya fid da ran biya ba ya kawo wa gwamnati ko kwabo. Abin da yake haifarwa shi ne a rufe kamfani a buɗe wani da sabon suna. Masu goyon bayan ruwa kan ruwa su ma suna da hujja: haka bankuna ke lissafi, kuma idan na gwamnati ya fi na banki sauƙi, za a riƙa biyan banki a bar gwamnati.

Yaya mai takarda a hannu zai gane hanyar da aka bi da shi? Ya nemi a ba shi lissafin dalla-dalla, shekara bayan shekara. Idan kashin bai canza ba, bai kuma biya komai ba, amma ruwan shekara ta biyu ya fi na farko, to ruwa kan ruwa aka yi masa. Sai ya duba ko a kan uwar kuɗi kaɗai aka lissafa ruwan ko an haɗa da tara. A misalinmu, haɗa tarar 200,000 yana ƙara naira 64,000 a kowace shekara, kuma wanda bai duba ba ba zai taɓa lura ba. Idan ya ga haka, ya tambayi sashen dokar da aka dogara da shi.

Akwai kuma wani wurin da ake yawan tafka kuskure, wato kashin kansa. Ma'aunin Babban Banki ba ya zama wuri ɗaya. A 2017 kashi 14 ne, ruwan haraji ya kama 19, wanda a kan miliyan 2 naira 380,000 ne a shekara. A ƙarshen 2024 ma'aunin ya kai 27.5. Saboda haka bashin da ya ratsa waɗannan shekaru bai kamata a kwaɗa masa kashin yau tun daga farko har ƙarshe ba. Daidai shi ne a yanka lokacin gida-gida, kowane zango da kashinsa. Wanda ya ga an yi masa kuɗin goro yana da hurumin ƙorafi a rubuce cikin kwana 30 da samun takardar, idan ba a daidaita ba ya wuce Kotun Ɗaukaka Ƙarar Haraji. Wanda ya bar kwana 30 ɗin suka wuce yana neman wanda ya san wani, lissafin zai zauna a kansa yadda aka rubuta shi.

Wasu kuma suna zaman jiran afuwa. Ta taɓa faruwa: shirin bayyana kadarori da kuɗin shiga na sa-kai da aka ƙaddamar a tsakiyar 2017 ya yafe tara da ruwa ga waɗanda suka fito da kansu, kuma a Disambar 2023 hukumar ta sake yin irin wannan tayi ga wanda zai biya uwar kuɗi gaba ɗaya kafin shekara ta ƙare. Amma afuwa ba ta da ranar zuwa, ruwa kuwa ba ya hutu, kuma ko ta zo sai mai uwar kuɗi a hannu ke cin moriyarta.

Wanda bai da cikakken kuɗin, ya fara shigar da bayanan harajinsa a kan lokaci, domin rashin shigarwa laifi ne daban mai tasa tara. Sannan ya biya abin da ya samu, ya nemi a raba masa sauran kashi-kashi, ya kuma tabbatar a rubuce cewa abin da ya biya daga uwar kuɗi aka cire shi. A misalinmu, biyan naira miliyan 1 daga uwar kuɗi yana rage ruwan kowace rana daga 1,750 zuwa kimanin 875.