Canji da izini, ƙari ba izini: yadda aiki ke kumbura a hannun masu shi

Da wuya a fara gini, ko wani aikin kwangila, a gama shi daidai yadda aka zana tun farko. Ana haƙa fandisho sai a tarar da dutse, ko mai aiki ya ga wata buƙata da bai hango ba. Canji dai ba laifi ba ne. Amma canji iri biyu ne, kuma a ido kamanninsu ɗaya. Akwai wanda aka zauna aka auna, aka san kuɗinsa da kwanakin da zai ci, mai iko ya sa hannu kafin a taɓa bulo. Akwai kuma wanda ke shigowa ta baki, yau kaɗan gobe kaɗan, kuɗi da wa'adi suna nan inda suke, aiki kuwa yana ta kumbura. Na farko shi ne canjin da aka amince da shi. Na biyu shi ne kumburin aiki, kuma shi ke haɗa mai aiki da ɗan kwangila faɗa.

Mu ɗauki misali da alƙaluman da muka ƙaddara don bayani. Kwamitin wata makarantar unguwa ya ba da kwangilar gina ajujuwa uku a kan naira miliyan 30, a gama cikin mako 16. Akwai zane, akwai takardar ƙiyasi mai nuna yawan bulo, siminti, rodi, kwano, tagogi da ƙofofi. Kwamiti ya kuma ware naira miliyan 1.5 a gefe, kuɗin ko-ta-kwana. Zanen nan da ƙiyasin da wa'adin su ne iyakar aiki. Duk abin da zai zo daga baya da su za a auna shi.

A mako na biyar hedimasta ya zagayo, ya dubi tagogi ya ce, “Malam, waɗannan sun yi ƙanƙanta, yara za su sha zafi. A ɗan faɗaɗa su mana.” Ɗan kwangila ba ya son ya watsa wa babba ƙasa a ido, sai ya ce, “An gama, ranka ya daɗe.” Alhali an riga an zuba linta, sai an fasa, kuma tagogin da maƙeri ya haɗa ba za su shiga ba. Bayan kwana biyu ma'ajin kwamiti ya ce a ƙara soket. Wani dattijo ya ce baranda ta yi kunkuntar. Babu wanda ya nemi abin banza a cikinsu, babu kuma wanda ya tambayi nawa ne. Da yayyafi kogi kan cika: ranar da aka zo lissafi, ƙananan buƙatu tara sun haɗu sun zama naira miliyan 2.3 da mako huɗu. Ɗan kwangila ya ce a biya shi, kwamiti ya ce bai san zancen ba. Daga nan ko dai aiki ya tsaya, ko a rage buhunan siminti a filasta da ingancin silin don a cike giɓi, inda ido ba zai gani ba sai damina ta zo.

A wannan ginin dai, a ce kwamiti ya ga ana buƙatar ofishin hedimasta a jikin ajujuwan. Aka sa injiniya ya zana, ɗan kwangila ya kawo farashi: naira miliyan 4 da ƙarin mako uku. Kwamiti ya zauna, ya samo kuɗin daga gudummawar tsofaffin ɗalibai, shugaba ya sa hannu. Kwangila ta koma miliyan 34, wa'adi ya koma mako 19. Wannan canji ya fi waɗancan tara girma idan aka haɗa su duka, amma bai jawo ko musu ba. Ashe ba girman canji ake dubawa ba, ba kuma kyawunsa ba. Tambayoyi uku ne: an auna abin da zai ci kafin a fara? Wanda ya amince yana da ikon amincewa? Kuɗi da wa'adi sun motsa tare da aikin? Idan ɗaya ta ci tura, to kumburi ne, ko da shugaban kwamiti ne da kansa ya faɗa a tsaye a bakin gini.

Abin da ke cikin rajistar canji

Rajistar canji littafi ne guda ɗaya da ake rubuta duk wata buƙata da ta saɓa wa yarjejeniyar farko. Littafin makaranta mai layi ya isa, manyan kamfanoni kuma a kwamfuta suke ajiye tasu. Kowace buƙata layinta daban. Ga yadda zancen soket zai kasance da an bi ta wannan hanya:

Lamba: 1
Wanda ya nema: ma'ajin kwamiti, mako na 5
Abin da ake so: ƙarin soket biyu a kowane aji, shida ke nan
Dalili: za a kawo kwamfutoci baɗi
Kuɗi: naira 90,000 idan an yi kafin filasta
Lokaci: babu ƙarin kwana
Hukunci: an amince, daga kuɗin ko-ta-kwana, shugaba da ɗan kwangila sun sa hannu
Ragowar ko-ta-kwana: naira 1,410,000

Layin kuɗi da na lokaci su ne zuciyar littafin, kuma wanda zai yi aikin ne ke cike su, ba wanda ya nema ba. Mai wayarin ya san cewa soket shidan nan idan an bari sai bayan filasta, sai an sassaƙe bango, a binne fayif, a sake shafe, a jira ya bushe kafin fenti. Abin naira 90,000 sai ya koma 210,000 da kwana uku. Shi ya sa ake sa wa kowace buƙata ranar da dole a yanke hukunci a kanta, domin jinkirin kwamiti ma kuɗi ne.

Layin ƙarshe shi ke kama kumburi da hannu. Mutum ba ya jin nauyin naira 90,000 a aikin miliyan 30. Amma idan aka amince da gangaren shiga aji don ɗalibai masu keken guragu a kan 350,000, ragowar ta sauko zuwa 1,060,000, kowa ya gani da idonsa. Ranar da wani ya ce a shimfiɗa tayil maimakon daɓen siminti, aka ce naira miliyan 2.4 ne, ba sai an yi dogon musu ba. Littafi ya nuna babu kuɗin. Sai a rubuta “an ƙi”, tare da dalili. Rubuta wanda aka ƙi yana da amfani ƙwarai, don kada bayan wata guda a sake kawo shi ta bakin wani, ko a ce ai an taɓa yarda.

Dokoki biyu ke riƙe da littafin. Ta farko, a ambaci mutum ɗaya tak da ke da ikon sa hannu, a kuma faɗi iyakarsa: misali shugaba ya amince da abin da bai wuce naira 200,000 ba, abin da ya haura sai kwamiti ya zauna. Ta biyu, babu sa hannu, babu aiki. Wannan doka ɗan kwangila ta fi yi wa rana, domin ta ba shi amsar da ba ta ɓata wa kowa rai: “Ranka ya daɗe, shawara ce mai kyau, bari in sa a littafi in kawo farashi gobe.” Manyan kwangiloli ma haka suke. Takardun kwangila na ƙungiyar injiniyoyi ta FIDIC, waɗanda ake amfani da su a ƙasashe da dama, sun ware sashe na 13 don canje-canje, sun kuma ba ɗan kwangila kwana 28 ya sanar a rubuce idan yana neman ƙarin kuɗi ko lokaci, in ya wuce haka yana iya rasa haƙƙinsa.

A kula, gyaran kuskure ba canji ba ne. Idan zane ya ce bulo mai inci tara, birkila ya jera mai inci shida, rushewa da sakewa a wuyan ɗan kwangila suke. Haka nan idan shi ya ga dama ya ƙawata gini da abin da ba a nema ba, ba shi da bakin neman kuɗi.

Inda littafi ba ya ceto

Sa hannu kaɗai ba ya mayar da canji mai lafiya. Filin jirgin saman Denver a Amurka ya nuna haka. Kamfanin jirage na United ne ya fara ɗaukar kamfanin BAE ya haɗa masa na'urar jigilar jakunkuna mai sarrafa kanta a ɓangarensa. A 1992 hukumar birnin ta ba kamfanin kwangilar faɗaɗa na'urar ta game filin gaba ɗaya, ana kuma sa ran buɗewa a Oktoban 1993. Ana cikin aiki kamfanonin jirage suka riƙa kawo sababbin buƙatu, kamar hanyar ɗaukar manyan kaya da kayan wasan zamiya a ƙanƙara. Ba a ɓoye aka yi waɗannan ba, manya sun san da su. Abin da aka kasa yi shi ne ba aikin lokacin da girmansa ke bukata, musamman na gwaji. A Afrilun 1994 aka gwada na'urar gaban 'yan jarida, ta yayyaga jakunkuna, tufafi suka warwatsu. Ba a buɗe filin ba sai 28 ga Fabrairun 1995, bayan jinkirin wata 16, sai da aka gina hanyar jigila irin ta da, a 2005 kuma United ya daina amfani da na'urar.

Darasin ya shafi kwamitin makarantarmu. Idan duk buƙatar da ta zo ana buga mata “an amince”, layin lokaci kuma kullum ana rubuta “babu ƙari” don a faranta wa manya, to kumburi ne ya sa rigar izini. Haka idan ana cike littafin a ƙarshen wata bayan an gama ayyukan, ya zama tarihi, ba linzami ba. In kuwa tun farko ba a yi zane da ƙiyasi ba, aka ce kawai “a gina mana ajujuwa masu kyau”, babu abin da za a auna canji da shi.

Mai son ya san halin da aikinsa ke ciki, ya ɗauki zane da rajista ya zagaya gini sau ɗaya a mako. Duk abin da ya gani a tsaye, ya nemo shi a ɗayan biyun. Idan taga ta fi ta zane faɗi kuma ba ta da lamba a littafi, a tsayar da wannan ɓangaren a ranar, a kawo farashi, a yanke hukunci kafin a ɗora wani bulo a kai.