Yadda Ake Auna Tsarin Kiwon Lafiya a Rubuce

Ɗalibai da yawa in an ce su rubuta sharhi kan wani tsarin kiwon lafiya na matakin farko, sai su kwafo manufofin gwamnati su yi ta yabo ko suka. Sharhi na gaskiya yana buƙatar ma'auni, kuma mafi sauƙi shi ne wanda likita Avedis Donabedian ya fitar a 1966. Tambayoyi uku ne: me aka tanada, me ake yi wa majiyyaci da shi, me ya biyo baya?

Mu gwada shi da Nijar. A 2006, zamanin Shugaba Tandja Mamadou, aka mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Asibiti zai duba yaro ya ba shi magani, ya aika wa gwamnati lissafin kuɗin, ita kuma ta biya.

Da wannan bayani marubuci zai fara, a taƙaice, sannan ya shiga tambayar farko. A nan ne aikin yake. Kuɗin da iyaye ke biya a da, da shi asibiti ke sake sayo magani. Da aka soke shi, sai komai ya rataya a kan biyan gwamnati, biyan kuwa ya riƙa jinkiri na watanni masu yawa, bashi ya taru. Don haka marubuci ya nemi sanin tsawon lokacin da ake ɗauka tsakanin aika lissafi da shigowar kuɗi, ya kuma duba rajistar ɗakin magani ya ƙirga kwanakin da maganin zazzaɓin cizon sauro ya yanke.

Tambaya ta biyu tana bin ta farko. Yaran da ake kawowa asibiti sun ƙaru sosai, amma uwar da aka rubuta wa takarda ta je ta sayo magani a waje, an ƙirga zuwanta alhali ba ta sami kyautar ba.

Ta ukun ce ke ruɗin mutane. Mace-macen ƙananan yara a Nijar sun ragu daga 226 cikin kowane 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Kuskure ne a jingina wannan duka ga jinya kyauta, domin raguwar ta fara kafin 2006, kuma a shekarun nan an raba gidajen sauro, an faɗaɗa rigakafi, an gina ƙananan ɗakunan shan magani a karkara.

Daga nan sai hukunci, kuma ya fito ƙarara. Nawa shi ne: tsarin ya buɗe wa talaka ƙofar asibiti, rauninsa yana wajen biyan kuɗi, shawarar da ta dace kuwa ita ce a riƙa ba asibitoci kuɗin magani tun kafin ya ƙare.