Lamba shida a jikin kwalba: abin yi idan an janye maganin yara daga kasuwa

A watan Afrilu na shekarar 2024, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta fitar da sanarwar janye wani maganin tari na yara mai suna Benylin Paediatric. Ta ce gwajin da ta yi a ɗakin bincikenta ya nuna akwai wani sinadari mai guba a cikinsa fiye da ƙima. Kafin a ce kwabo labari ya bazu a wayoyi, amma ya bazu ne da gutsure. Wasu suka ce an haramta Benylin gaba ɗaya, wasu suka ce duk maganin tarin yara guba ne. Sanarwar kuwa ba haka ta ce ba. Ta ambaci rukuni guda ne mai lamba 329304, kwalba mai mililita 100, wanda kamfanin Johnson & Johnson ya haɗa a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu a watan Mayu na 2021, wa'adinsa kuma yana ƙarewa a Afrilun 2024.

Wannan lamba ita ce zuciyar sanarwar, kuma ita ce ta fara faɗuwa a hanya yayin da labari ke tafiya daga baki zuwa baki.

Dalilin muhimmancinta yana cikin yadda ake haɗa magani. Kamfani ba ya haɗa sirof kwalba-kwalba. Ana zuba kayan haɗi a babban tanki, a gauraya, a ɗura a dubban kwalabe, sannan a buga wa dukkansu lamba iri ɗaya. Idan an sake wani haɗin, sai a ba shi tasa lambar. Saboda haka in gurɓataccen sinadari ya shiga haɗin wata rana, kwalaben wannan haɗin ne ke ɗauke da shi, waɗanda aka yi da wata gangar sinadarin dabam suna iya zama lafiya ƙalau. Kwalabe biyu za su zauna a kanta ɗaya, sunansu ɗaya, launinsu ɗaya, ƙamshinsu ɗaya, amma ɗaya ce kawai ake nema. Abin da zai raba su shi ne 'yan alƙaluman da ke gaban rubutun Lot No. ko Batch No. ko B.N., galibi a gefen takardar da ke manne da kwalbar ko a murfin kwali, kusa da ranar haɗawa da ranar ƙarewar wa'adi. Kada a rikita ta da lambar rajistar NAFDAC, domin ita wannan ta maganin ce baki ɗaya, ba ta canzawa daga rukuni zuwa rukuni.

Sinadarin da ake magana a kai shi ne dayetilin gilaikol, wanda takardun hukuma ke taƙaitawa da DEG. Na masana'antu ne, ana samunsa a irin su man birki. Ba shi da launi, kusan ba shi da wari, ga kuma ɗan zaƙi. Yana shiga magani ne ta ƙofar kayan haɗi: masu yin sirof suna amfani da gilisarin ko furofilin gilaikol wajen narkar da magani, shi kuwa DEG yana kama da su a ido kuma ya fi su araha, sai marasa tsoron Allah su gauraya ko su sauya takardar jikin ganga. Abin da ya kamata uwa ta riƙe a nan shi ne, ba a gane shi da ido ko hanci ko harshe. Ɗanɗana maganin kafin a ba yaro, wanda iyaye mata da yawa kan yi, ba ya tona asirin komai.

Najeriya ta san wannan guba tun da jimawa. A 1990 yara 47 suka rasu a asibitin koyarwa na Jos bayan shan gurɓataccen sirof na farasitamol. A ƙarshen 2008 kuma sai ga My Pikin, maganin fitar haƙori da kamfanin Barewa na Legas ya haɗa, wanda Ma'aikatar Lafiya ta ce ya yi sanadin mutuwar yara 84. Asibitin koyarwa na Zariya na cikin wuraren da aka fara ganin yaran. A 2022 Gambiya ta rasa yara kusan 70 sakamakon wasu sirof huɗu da aka shigo da su daga Indiya. Shi ya sa hukumomi ba sa jira sai an ga gawa kafin su janye magani.

To, mu ɗauka uwa ta ji sanarwar a rediyo da safe, kuma akwai kwalbar Benylin a kan durowarta, ɗanta mai shekara huɗu ya sha jiya da shekaranjiya. Me za ta fara yi?

Za ta fara da dakatar da ba shi, tun kafin ta duba komai. Wannan ba ya buƙatar izinin kowa, kuma tsallake shan maganin tari na yini guda ba ya cutar da yaro. Sai ta ɗauko kwalbar ta kawo ta haske, ta karanta lambar alƙalami bayan alƙalami. Gaggawa a nan tana ɓata aiki, domin lambobin rukunan da aka haɗa a jere kan bambanta ne da alƙalamin ƙarshe kawai. In rubutun ya goge, ko kwalin ya ɓata, ko ba ta iya karantawa kuma babu mai karanta mata a kusa, sai ta ɗauka cewa kwalbar tana cikin waɗanda aka janye. In lambar ta bambanta sarai, sanarwar ba ta shafi kwalbarta ba a wannan ranar, amma ta ci gaba da saurare, saboda janyewa kan faɗaɗa. Haka aka yi a wannan karon: da hukumar Afirka ta Kudu ta shiga maganar, sai ta haɗa da rukuni mai lamba 329303.

In lambar ta yi daidai, kada ta zubar da maganin. Na san zuciya ba abin da take so irin a tuttular da shi a kwata a huta, amma kwalbar nan shaida ce. Likita zai so ya ga abin da yaro ya sha da yawan abin da ya rage, hukuma kuma da ita za ta yi gwaji ta bi sawun inda aka sayo. Sai a rufe murfin gam, a sa a leda a ɗaure, a ajiye inda hannun yara ba ya kaiwa, a kuma gaya wa duk wanda ke kula da yaron, ko kaka ko kishiya ko 'yar aiki, cewa an daina ba da shi. A gidan yawa magani kan zagaya ɗaki-ɗaki, don haka a tambaya ko an sam wa wani yaron. Yana da kyau a ɗauki hoton lambar da waya.

Daga nan hankali ya koma kan yaron, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Alamun farko na wannan guba ba su da bambanci da na cututtukan da aka saba: amai, gudawa, ciwon ciki, ciwon kai, kasala ko yawan barci. Iyaye kan ce shawara ce ko zazzaɓin cizon sauro, wani lokaci ma su ƙara wa yaron maganin da ke cutar da shi. Wani yaron kuma yakan yi kamar ya samu sauƙi. Bayan kwana ɗaya zuwa uku sai ƙoda ta fara gazawa, alamarta kuwa ita ce raguwar fitsari ko ɗaukewarsa gaba ɗaya. Jaririn da famfas ɗinsa ya wuni a bushe, ko yaron da tun safe har yamma bai nemi fita fitsari ba alhali yana shan ruwa, asibiti ya kamata ya kwana, ba kemis ba. Kumburin fuska ko ƙafa, numfashi da sauri, da rikicewar hankali duk suna cikin abin da ba a jira da shi gari ya waye.

Shawarata ma ita ce kada a jira alama. Duk yaron da aka tabbatar ya sha daga rukunin da aka janye, a kai shi asibiti tare da kwalbar, a faɗi yaushe ya fara sha, cokali nawa, sau nawa a rana. Gwajin jini na iya nuna halin da ƙoda ke ciki kafin ido ya gani, kuma maganin da ke hana gubar rikiɗewa a jiki yana aiki ne idan an ba da shi da wuri. In an makara, sai wankin ƙoda, wanda ba kowane asibiti ke iya yi wa ƙaramin yaro ba. Kada a tilasta masa amai, kada a ɗura masa manja ko madara da sunan karya guba. Ba sa karya ta, lokaci kawai suke ci.

Mataki na ƙarshe shi ne kai rahoto da mayar da kaya. NAFDAC tana da ofis a kowace jiha, kuma sanarwarta ta umarci duk wanda ke da maganin ya miƙa shi ga ofishi mafi kusa. Tana kuma da manhajar waya mai suna Med Safety don kai rahoton illar magani. Shi kuwa mai kemis, nauyinsa ya fi na uwa: ya sauke dukkan rukunin daga kanta a take, ya duba sito, ya ware su a kwali dabam, ya sanar da dilan da ya sayar masa, sannan ya tuna waɗanda suka saya. Mai kemis na unguwa ya san kwastomominsa da fuska, aiken yaro guda ya isa ya kai saƙo gidaje goma. Abin da bai halatta ba shi ne karya farashi don a rabu da kayan, ko tura su ƙauye wurin 'yan tallar magani, inda sanarwa ba ta kaiwa da wuri.

Ita kanta sanarwar tana da nata haƙƙin. Wadda aka rubuta da Turancin ofis, aka lissafa sunayen sinadarai a sama, aka binne matakan a sakin layi na shida, ba ta isa ga matar da ke Kafin Hausa ko Illela ba. Sanarwa mai amfani tana faɗin sunan kayan da lambarsa a jimlar farko, ta nuna hoton inda lambar take a jikin kwalba, ta faɗi haɗarin a fili ba tare da kwana-kwana ba, sannan ta jera abin yi bisa tsarin gaggawarsa: a daina, a duba, a ajiye, a kai yaro asibiti, a mayar. A rediyo kuma a karanta lambar sau biyu a hankali, uku biyu tara uku sifili huɗu, yadda mai sauraro zai iya rubutawa. Wanda zai tura wa 'yan uwa a waya, ya tura da lambar da sunan hukumar da ranar da aka fitar, domin tsofaffin sanarwowi kan dawo bayan shekaru suna tayar da hankali a banza.

Adalci ne a faɗi yadda maganar Benylin ta kaya. Kenya da Ruwanda da Tanzaniya da Zimbabuwe sun bi sahun Najeriya wajen janyewa. Daga baya hukumar Afirka ta Kudu ta ce ta gwada samfurin rukunan biyu ba ta samu gubar ba, kamfanin Kenvue da ke da maganin a yanzu shi ma ya ce haka. Saɓani tsakanin ɗakunan gwaji yakan faru, domin ba kwalba ɗaya kowa ke aunawa ba, na'urori da hanyoyin awo kuma sun bambanta. Sai dai wannan bayani ya fito ne bayan makonni, uwar da ke riƙe da kwalba a watan Afrilu kuwa a ranar take bukatar yanke shawara. Rukunan biyu dai wa'adinsu ya riga ya ƙare tun 2024, saboda haka duk wanda ya ci karo da ɗaya a kanta ko a durowa yau, ba ta shayuwa ko da ba a taɓa janye ta ba.