Masu Yankan Wa'azi a Dakoro

Karatun tafsiri na awa ɗaya da rabi, in an ɗauke shi da waya mai kyau, yakan haura giga biyar. A Dakoro, mai nisan kilomita ɗari da 'yan kai arewa da Maraɗi, ba kowa ke da forfen da zai sauke wannan kaya ba, balle makiyayin da ke can wajen Bermo ko Gadabeji, inda sai ya nemi tudu kafin rezo ya kama. Wanda ma yake da halin saukewa, da wuya ya zauna ya saurara daga farko har ƙarshe. A wannan giɓin ne wasu samari suka sami abin yi. Su ne masu montaj: a kawo musu dogon karatu, su fitar da guntaye biyar ko shida masu tsawon minti ɗaya ɗaya, kowanne da rubutu a jikinsa, yadda zai shiga WhatsApp da TikTok da Facebook ba wahala.

Jarin sana'ar bai taka kara ya karya ba, amma kowane abu a cikinsa da amfaninsa. Akwai waya mai wadataccen wurin ajiya, da katin memori, da abin saurare na kunne, da ƙaramar makirfo da ake maƙalawa a wuyan rigar malam, sai batirin ajiye caji ko farantin sola. Manhajar da aka fi riƙo ita ce CapCut, wasu kuma InShot ko KineMaster. Ɗanyen kayan ba ya bi ta intanet. Hannu da hannu ake kawo shi, a kan kati, ko a haɗa waya da waya ta Xender a juye.

Tun a wurin ɗauka ake sanin ko aikin zai yi kyau. Wayar da aka ajiye a sahu na biyar tana kama amon lasifika da ke dawowa daga bango, da ƙarar janareto, da tarin jama'a, kuma babu gyaran da zai tsarkake wannan sauti daga baya. Mutane sukan yi haƙuri da hoto mai hazo, amma in ba su ji magana sarai ba sai su wuce. Shi ya sa mai montaj da ya san aikinsa ya fi son ya je masallacin da kansa ya saka makirfo. Sai kuma yadda aka riƙe wayar. In a kwance aka ɗauka, faɗin hoton 1920 ne, tsayinsa 1080. Da za a mayar da shi a tsaye, irin 9:16 da TikTok ke so, abin da zai rage daga faɗin bai wuce 608 ba, wato kusan kashi ɗaya cikin uku. Malam zai shiga, amma mai jan baƙi da ke zaune a gefensa ya fita, kuma da malam ya karkata ya ɗauki littafi, rabin fuskarsa ya bar allo. Dabarar ita ce a bar hoton a kwancensa a tsakiya, a ba da sararin sama ga kanun magana, na ƙasa ga rubutu.

Aikin da ya fi cin lokaci ba ya ma buƙatar manhaja. Mai montaj zai zauna da biro da takarda ya saurari karatun duka, yana rubuta mintin da kowace mas'ala ta fara da inda ta ƙare. Abin da yake farauta shi ne maganar da za ta tsaya da ƙafarta: wadda wanda bai halarci majalisin ba zai fahimta ba tare da an gaya masa abin da ya gabata ba. Awa ɗaya da rabi takan ba da irin waɗannan wurare kaɗan ne. Sauran ko dai sun jingina da ayar da aka karanta can baya, ko amsa ce ga tambayar da makirfo bai kama ba.

Mu ɗauki darasin zakkar dabbobi, wanda a ƙasar da ke bakin kwarin Tarka, inda noma ke ƙarewa kiwo ya fara, ba ƙaramin darasi ba ne. A minti na 34 malam ya ce mai tumaki arba'in zai fitar da guda ɗaya. Magana ce gajera mai jan kunne, kuma sabon shiga zai yanke ta nan take, ya sami daƙiƙa goma sha biyar masu daɗin turawa. To amma a minti na 35 malam ya ƙara da cewa sai shekara ta zagayo, kuma tumaki da awaki haɗa su ake yi a lissafi. A minti na 37, bayan ya ba da wani labari, ya ce guda ɗayan nan ita ce har zuwa ɗari da ashirin, sai an kai ɗari da ashirin da ɗaya ake fitar da biyu. Wanda ya ga guntun farko kawai, yana da tumaki talatin da awaki ashirin, zai ɗauka babu komai a kansa. Mai tumaki tamanin kuma zai zaci biyu zai bayar. Duka biyun an ɓatar da su da muryar malamin da bai faɗi kuskure ba.

Ƙwararre zai ɗauko minti na 34 da na 35 a haɗe, ya cire labarin da ke tsakani, ya manna na 37. A wurin mannawar yakan bar alama, ko ɗan walƙiya ko ya matso da hoton kusa, don mai kallo ya gane an tsallake wani abu. Kamar mahauci ne da ya san gaɓa: a nan yake sa wuƙa, ba ya sara a tsakiyar ƙashi. Gaɓar magana tana wurin da malam ya sauke numfashi bayan ya cika jimla, kuma ana ganinta a manhaja, inda zanen sautin ya kwanta. Ana barin ɗan sarari kafin kalmar farko da bayan ta ƙarshe, in ba haka ba sai a ji an haɗiye harafi. Ba a yanka a tsakiyar aya. Kuma kalmomin da mai montaj ya kamata ya fi tsoro su ne “amma”, “sai dai”, “in har”, da “wasu suna cewa”. Ta ƙarshen nan ta fi haɗari, domin malam yakan kawo ra'ayin da zai rushe, ya faɗe shi tsaf kafin ya rushe shi. A yanke kan da wutsiyar, sai ga malam yana faɗin abin da ya zo yaƙa. A ganina duk wanda ya yi haka da gangan don guntun ya yi yawo ya fita daga sana'a ya shiga ƙage, ko da bai ƙara kalma ɗaya daga bakinsa ba. Bayan alhaki akwai kuma shari'a: dokar laifukan intanet ta Nijar ta 2019, wadda aka tsananta a watan Yunin 2024, ta tanadi ɗauri kan ɓata suna da yaɗa abin da zai tada hankalin jama'a.

Sai rubutu, wanda da hannu ake yinsa, layi bayan layi. A saurari daƙiƙa uku, a tsayar, a rubuta, a ja bakin rubutun ya fara daidai da buɗe bakin malam, ya ɓace daidai da rufewarsa. Layi biyu ne iyaka, kowanne kalma huɗu ko biyar, fari mai baƙin gefe don a iya karantawa a kan farar riga da rana tsaka. Ba a raba “ba” da abin da take korewa, kada allo ya nuna “ya halatta” shi kaɗai alhali malam “ba ya halatta” ya ce. Ba a kuma kai rubutun can ƙasa ko gefen dama, domin a nan TikTok ke ɗora sunan mai shafi da maɓallansa. Minti ɗaya na magana yakan ci layi ashirin ko fiye, kuma nan ne wuya da idanu suke gajiya.

Haruffa masu lanƙwasa suna da tasu rigimar. Yawancin salon haruffan ado da ke cikin manhajojin nan ba su san ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba, sai su bar ɗan akwati ko gurbi a wurinsu. Mai hankali yakan gwada salon da kalma kamar “ƙaiƙayi” ko “ɗanɗano” kafin ya fara. Wasu don gudun wahala sai su sa k da d kawai, a rasa gane ko kafa ake nufi ko ƙafa. Wanda ya yi makarantar Faransanci kuma hannunsa yakan zame ya rubuta “ch” a wurin “sh”, “ou” a wurin “u”, abin da ke sa ɗan Katsina ko Kano tuntuɓe, alhali guntun yana iya ƙetare iyaka a yinin da aka sake shi. Ayar Alƙur'ani ba a rubuta ta da boko daga abin da kunne ya ji. A sa sunan sura da lambar aya ya wadatar. Kuma tunda da yawa daga masu saurare a ƙauyuka ba sa karanta boko, duk abin da ya zama dole a sani sai ya fito daga bakin malam. In sharaɗin yana cikin rubutu kawai, to bai kai gare su ba.

Wajen fitarwa ake tuna aljihun mai karɓa. Minti ɗaya a 1080 yana iya kai mega sittin. In aka sauko zuwa 720 aka rage nauyi, sai ya dawo wajen sha biyar, kuma a fuskar ƙaramar waya bambancin kaɗan ne. Sitatus na WhatsApp daƙiƙa talatin yake ɗauka a da, a 2024 aka ƙara shi zuwa minti ɗaya, amma duk guntun da ya zarce iyakar da aka sa sai ya rabu, kuma ba kowa ke kallon kashi na biyu ba. A bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri arba'in, waya takan ɗau zafi ta tsaya ana tsakar fitarwa, shi ya sa da yawa suke barin wannan sai dare. Kafin a saki, ana kai wa malam ko babban almajirinsa ya duba, a kuma tabbatar sunan malam da ranar karatun suna jikin hoton, don wanda ya yi shakka ya nemi cikakken.

Kuɗin sana'ar daga hannun wanda ya ba da aiki yake fitowa. Tsarin TikTok na biyan masu bidiyo bisa yawan kallo bai haɗa da Nijar ba, don haka ko guntu ya kai wa mutum dubu ɗari, mai montaj bai ga ko dala ba daga wannan hanya. Masu biya su ne kwamitin masallaci, ko ɗan kasuwar da ya ɗauki nauyin tafsiri, ko ƙungiyar da ta yi taron wayar da kai kan allurar dabbobi. Ƙungiyoyi sun fi biya, sai dai sukan nemi a ƙara rubutun Faransanci, wanda fassara ce, aiki na biyu. Mu ce an yi jinga kan jikka biyar don guntaye shida. Saurare ya ci awa biyu, yanka da rubutu sun ci kusan awa ɗaya kowane guntu, yini ya tafi ke nan, sannan a cire forfe da caji. Ga lalacewar waya, wadda batirinta ba ya jure irin wannan aiki shekara da shekaru. Sau da yawa kuma a aikin masallaci “Allah ya saka da alheri” ne ladan, kuma yaro ba ya iya buɗe baki ya yi ciniki da malaminsa. Watan azumi ne kakarsu, sai lokacin bukukuwa. Sauran watanni da yawansu suna haɗawa da cajin waya, tura waƙoƙi da karatu a kati, da ɗaukar hoton suna da aure. In aikin daga Maraɗi ko Yamai ya zo, ta Nita ko Amana ake turo kuɗin, kuma waɗanda suka daɗe a harkar sukan karɓi rabi kafin su fara saurare.