Zafin Bazara Ba Hujjar Zuba Baƙin Mai Mai Kauri Ba Ne

Duk wanda ya shigo da mota haibirid, mai haɗa fetur da batir, gareji a Talata Mafara zai ji maganar nan: "Alhaji, wannan mai kamar ruwa na ƙasar sanyi ne, zafinmu sai 20W-50." Na gaji da jin ta. A kan murfin man Toyota Prius ta 2010 an rubuta 0W-20, a Camry haibirid ta 2018 kuwa 0W-16, kuma waɗanda suka ƙera injin sun san akwai ƙasashen zafi.

Zafin rana ba shi ke yanke zafin cikin inji ba. Ko bazara ta haura digiri 40 a Bakura, ruwan lagireto na riƙe inji a wajen digiri 90, kusan daidai da na motar da ke Japan. Lambar 20 ta 0W-20 ɗin ma a digiri 100 ake auna ta.

Abin da ya bambanta haibirid shi ne injinta ba ya aiki a jere. Ka tsaya a bakin kasuwa ya mutu, ka taka totur ya tashi, haka dai har ka isa gida. Duk mutuwar da ya yi, mai na gangarawa ƙasa, duk tashi kuma sai an sake turo shi sama. A ɗan tsakanin nan ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Mai marar kauri nan take yake isa, mai kauri kuwa sai ya yi ta jan jiki ta ƙananan hanyoyin da ba don shi aka huda ba. Na'urar VVT-i mai daidaita buɗewar bawul ma da matsin mai take aiki. Ga kuma ƙarin shan fetur, abin da aka sayi motar don gudunsa.

Wasu na fakewa da cewa injin ya tsufa yana shan mai. Kauri ɓoye ciwon kawai yake yi. A duba sandar awon mai kowane mako, a cika da irin wanda ke ciki. Prius ta 2010 lita 4.2 take ɗauka har da filta. Kada a zazzage mata galan mai lita 5 don kar ragowa ta yi asara. In 0W-20 ya yi wuya, littafinta ya yarda da 5W-20, a koma na asali a juye na gaba. Ƙurar hanyoyin Maradun da gajerun tafiye-tafiye, waɗanda ba sa barin inji ya yi zafin da zai ƙone danshi da fetur da suka gauraya da mai, sun sa bai kamata juye ya wuce kilomita 8,000 ko wata 6 ba. Jabun mai ma na yawo, a sayi galan a rufe.

Kafin yaron gareji ya kwance noti, a tabbata READY ta ɓace daga dashbod. Muddin tana kunne, inji na iya tashi da kansa babu ɗigon mai a cikinsa.