Tambaya, Ƙorafi ko Yabo? Yadda Ake Tace Maganganun Kwastomomi Kafin a Ba Su Amsa

A ce mai sayar da atamfa ta sa hoton sababbin kaya a shafinta na Facebook bayan magariba. Kafin gari ya waye maganganu sun taru a ƙarƙashin hoton, ita kuma ga tafiya Kantin Kwari saro kaya a gabanta. Sai ta ɗauki hoton fuskar wayarta, wanda ake ce wa sikirinshot, ta tura wa ƙanwarta da ke taya ta riƙe shafin, ta ce ta duba ta shirya wa kowa amsa. Abin da yawancin masu tayawa ke yi shi ne su faro daga sama su bi ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. A nan ɓarnar take shigowa. Kafin a gama amsa "Masha Allah" da "nawa ne" rana ta yi tsaka, alhali can ƙasa akwai wadda ta biya kuɗi tun makon jiya ba ta ga kayanta ba, kuma duk wanda ya leƙo shafin yana karanta kukanta babu amsa a ƙarƙashinsa.

Maganin wannan shi ne a karanta duka tukuna, a raba su gida uku, tambaya da ƙorafi da yabo, sannan a fara rubutu.

Kafin rabon ma, sai an duba hoton kansa, domin sikirinshot ba ya nuna komai. Doguwar magana tana yankewa a inda aka rubuta "See more", kuma sau da yawa ainihin damuwar mutum tana cikin ɓangaren da ya ɓuya, tunda mu mutane ne masu fara zance da gaisuwa da addu'a kafin mu faɗi abin da ya kawo mu. Haka kuma Facebook ya saba jera maganganu a kan tsarin "Most relevant", wanda ke iya barin wasu a baya. Mai ɗaukar hoton ta canza shi zuwa "All comments", ta buɗe duk abin da ya yanke, sannan ta ɗauka. In kuwa wata ta rubuta lambar wayarta ko adireshinta a ciki, a goge wurin kafin a tura hoton ko'ina.

To, da wane ma'auni za a raba? Ba da daɗin lafazi ko zafinsa ba. A tambayi kai: me wannan mutumin yake jira in yi masa? In bayani yake jira kafin ya saya, tambaya ce. In ya riga ya ba da kuɗinsa ko ya karɓi kaya, kuma akwai abin da yake jira a gyara, ƙorafi ne. In babu abin da yake jira sai a ji daɗi tare da shi, yabo ne.

Mu koma ga hoton mai atamfar. Ta farko ta rubuta, "Nawa ne turmi?" Ta biyu ta ce, "Ana kawowa Jos?" Waɗannan ba su da wahala, tambayoyi ne. Ta uku ta ce, "Masha Allah, na wancan karon ma na ɗinka, kowa sai ya tambaye ni inda na samo." Yabo ne tsantsa. Amma ga ta huɗu: "Hajiya, wai yaushe kayana za su iso ne? Yau kwana tara ke nan da na tura kuɗi." Da alamar tambaya ta ƙare jimlarta ta farko, amma wannan ƙorafi ne, kuma mafi nauyi a cikin hoton gaba ɗaya, domin kuɗinta yana hannu. Wanda ya saka ta cikin masu tambaya zai ba ta amsa irin ta masu tambaya, "kaya na ɗaukar kwana biyu zuwa uku", amsar da za ta ƙara tunzura ta, tunda ita ta fi kowa sanin ba haka aka yi mata ba.

Ta biyar ta fi rikitarwa: "Kayanku na da kyau gaskiya, Allah Ya ƙara kasuwa, sai dai shuɗin nan da na saya yana zuba in an wanke." Yabo a gaba, addu'a a tsakiya, ƙorafi a ƙarshe. Duk maganar da ta haɗa biyu, a kai ta gidan da ya fi nauyi, kuma ƙorafi ya fi tambaya nauyi, tambaya ta fi yabo. Kalmomin da za a sa wa ido su ne "sai dai", "amma", "har yanzu" da "tun ranar". Abin da ya biyo bayansu shi ne saƙon. Irin wannan matar ita nake ganin an fi zalunta a kasuwar waya, domin kunya ta sa ta lulluɓe damuwarta da yabo, sai a amsa mata da "mun gode, Hajiya", ta yi shiru ta tafi, ba za ta sake saye ba, ba kuma za ta faɗi dalili ba.

Akwai kuma juyin wannan. Ta shida ta rubuta, "Kai, wannan tsada haka! Babu ragi?" Kamar ƙorafi, amma ba ta sayi komai ba, babu abin da aka ɓata mata. Ciniki take buɗewa kamar yadda za ta yi a bakin shago, don haka gidan tambaya za ta shiga.

Da an gama rabo, da ƙorafi ake farawa. Amsarsa a bainar jama'a tana buƙatar a ambaci ainihin matsalar da sunanta, a ba da haƙuri sau ɗaya, a faɗi abin da za a yi da lokacin da za a yi shi, sannan a janye sauran zancen zuwa saƙon sirri. Ga mai kwana tara, ana iya cewa: "Hajiya, ki yi haƙuri, kwana tara ya yi yawa. Na tura miki saƙo ta sirri, ki turo min shaidar biyan kuɗin a can. Zan tuntuɓi direban da aka bai wa kayan a tasha, kuma kafin la'asar ɗin yau za ki ji daga gare ni, in sha Allah." A lura da abin da amsar ba ta yi ba. Ba ta ɗora laifi a kan direba ba tun ba a bincika ba, ba ta kuma yi alkawarin kayan za su iso yau ba, domin wannan ba a hannun mai shago yake ba. Abin da ta yi alkawari shi ne za a ji daga gare ta kafin la'asar, wanda kuwa tana iya cikawa. Mai tayawa ta kiyaye wannan sosai: kada ta rubuta "za mu mayar miki da kuɗinki" sai mai kayan ta amince, domin alkawarin da aka rubuta a fili kowa shaida ne a kansa.

Dalilin janye zancen zuwa sirri ba ɓoye laifi ba ne. 'Yan damfara suna bin irin waɗannan shafuka, su buɗe shafi mai suna da hoto irin na mai kaya, su bi wanda ya yi ƙorafi ko ya ajiye lambarsa, su ce ya turo kuɗin mota ko wata lambar sirri. Shi ya sa ba a cewa kwastoma ta ajiye lambar waya ko ta asusun banki a fili, kuma mai shago ce ya kamata ta fara tura saƙon daga shafinta na gaskiya.

Ga mai shuɗin atamfa kuwa: "Amin, Hajiya, mun gode. Maganar zubar shuɗin ba mu ji daɗinta ba. Don Allah ki turo mana hotonsa ta sirri, mu duba ko daga wannan sarin ne, mu ga yadda za a canza miki." Godiya ta samu jimla ɗaya, matsala ta samu sauran. Wannan ba alfarma kaɗai ba ce. Dokar tarayya ta kare masu sayayya, wadda aka sa wa hannu a 2019 kuma hukumar FCCPC ke kula da ita, ta bai wa mai saye damar mayar da kayan da suke da aibi ko waɗanda suka saɓa wa yadda aka siffanta su. Sannan in mutum biyu ko uku suka ambaci launi ɗaya, matsalar ta wuce ta amsa, sai a koma wa dilan da aka saro a wurinsa.

Goge ƙorafi na gaskiya kuskure ne babba. Mai shi ya san ya rubuta, wataƙila ma ya ɗauki hotonsa, kuma zai dawo da wanda ya fi shi zafi.

Bayan ƙorafi sai tambayoyi, kuma a nan ina da ra'ayi mai ƙarfi: a daina amsa "nawa ne" da "duba saƙonki". Wadda ta tambaya ɗaya ce, masu son sanin amsar ba tare da sun tambaya ba sun fi ta yawa. A faɗi farashi a fili, a haɗa da abin da za a tambaya na gaba. Misali, in farashin ₦18,000 ne: "Turmi mai yadi shida ₦18,000 ne, Hajiya, ban da kuɗin mota. Wane launi kike so in ajiye miki?" Ga mai tambayar Jos: "Ƙwarai muna turawa ta tasha. Ki faɗa mana unguwarki ta saƙon sirri, mu gaya miki kuɗin motar kafin ki biya." Mai neman ragi kuma a karɓe ta da fara'ar ɗan kasuwa: "Ai kayan ne mai kyau, Anti. In za ki ɗauki turmi uku akwai sauƙi, ki yi min magana." In tambaya ɗaya ta yi ta maimaituwa, alama ce rubutun da ke kan hoton bai cika ba. A gyara shi a ƙara farashin, ko a rubuta amsar sau ɗaya a kafe ta a sama. A Instagram ana iya kafe magana har uku da "Pin".

Yabo shi ne na ƙarshe, kuma gajeriyar amsa ta ishe shi, muddin ta taɓa abin da mutum ya faɗa. "Alhamdu lillah, mun ji daɗi ɗinkin ya yi kyau, Allah Ya sa a kashe lafiya" ta fi "mun gode" guda goma da aka kwafa aka liƙa. In ana son amfani da yabon a talla, a nemi izinin mai shi, a kuma rufe sunansa in bai yarda a nuna ba.

Kusan kowane hoto yana barin saura da ba su shiga ko ɗaya daga cikin gidajen uku ba: mai tallar nasa kayan a ƙarƙashin naki, mai saka adireshin wani shafi da alkawarin riba, mai zagi ba tare da ya taɓa saye ba. Waɗannan ba a amsa musu. A Facebook ana danna "Hide", maganar ta ɓace wa jama'a, shi kuma mai ita da abokansa suna ci gaba da ganinta, don haka ba ya samun dalilin tayar da rigima.

Abu ɗaya ya rage wa mai tayawa. Sikirinshot na lokacin da aka ɗauke shi ne kawai. Wanda aka ɗauka da asuba ba zai nuna cewa mai kwana tara ta dawo da hantsi ta ce kayanta sun iso ba, ko kuma launin da ake tambaya ya ƙare. Don haka kafin ki liƙa amsoshin da kika shirya, ki buɗe shafin kansa, ki sake karanta kowace magana da abin da ya biyo bayanta, sannan ki tura.