Ranar da Manaja Zai Ce Ƙarin Albashi Bai Kai Yadda Aka Zata Ba

A masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, magana ba ta daɗewa a ofishin akawu. Kafin takardar ƙarin albashi ta fito, direba ya ji, mai gadi ya ji, kowa ya gama lissafinsa a zuci. Shi ya sa manajan da ya san ƙarin bana bai kai abin da aka sa rai ba yake da aiki ɗaya a gabansa: ya tara mutanensa, ya faɗa musu da bakinsa, cikin minti biyar ko goma, kafin su gani a saƙon banki.

Shekarar 2024 ta sa manajoji da yawa a wannan hali. An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, a watan da ya biyo baya kuma aka saki naira, har dalar da hukuma ke sayarwa kusan naira 460 ta haura 1,500. A Afrilun 2024 kuɗin wutar masu rukunin Band A ya tashi daga kusan naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, kafin a ɗan sassauta shi. A watan Yuli aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 daga 30,000. Ma'aikaci ya san duk wannan, domin shi ma yana cefane. Abin da bai sani ba shi ne yadda abin ya taɓa aljihun kamfaninsu, kuma nan ne jawabin ya kamata ya tsaya.

Mu ɗauki misalin wata masana'antar robobi mai ma'aikata 60, a Janairun 2025. Mutum 20 suna karɓar naira 50,000 a wata, sauran 40 kuma kusan 100,000 kowanne. An yi ta raɗe-raɗin ƙarin kashi 25 cikin ɗari. Abin da kamfani ya iya warewa naira 800,000 ne a wata. Rabinsa dole ya tafi wajen kai mutum 20 ɗin nan 70,000, tunda dokar ta shafi duk mai ma'aikata 25 zuwa sama. Sauran 400,000 aka raba wa mutum 40, ya zama kashi 10. Ga yadda manaja mai gaskiya zai iya faɗinsa:

"Jama'a, assalamu alaikum. Ba zan tsayar da ku ba. Ƙarin bana kashi 10 ne. Mai dubu ɗari zai ga dubu ɗari da goma a ƙarshen wata. Na san kun ji kashi 25, ni ma na nema, ban samu ba. Dalilai biyu ne. Na farko wuta: yunit dubu ashirin muke ci a wata, da muna biyan kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu, yanzu ya haura miliyan huɗu. Mun ƙara kuɗin bokiti da kujeru, amma dillalai sun rage saye. Na biyu, 'yan'uwanmu ashirin suna ƙasa da dubu saba'in, su muka fara ɗagawa, rabin kuɗin can ya tafi. Ba zan ce muku kashi 10 ya isa ba, ni da ku kasuwa ɗaya muke zuwa. Ni ma kashi 10 ɗin na samu. Ba wanda za a sallama a kan wannan. A watan Yuli za mu sake zama da lissafin wata shida, in kawo muku shi ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Wanda yake da tambaya, bismillah."

A lura cewa adadin ne ya fara fitowa. Manajoji da yawa sukan soma da tarihin kamfani da halin da ƙasa ke ciki, su ajiye adadin sai ƙarshe, suna ganin sun tausasa zukata. Ba su tausasa komai ba. Mai jiran jin albashinsa ba ya sauraren komai sai ya ji shi, kuma duk mintin da aka ƙara yana ƙara masa zargin cewa ana zagaye ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Amma jimlar da ta fi nauyi a jawabin, a ganina, ita ce wadda ya ce kashi 10 bai isa ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Ma'ana, kayan da naira 100,000 ta saya a Disambar 2023, bayan shekara sai da 134,800. Wanda aka ba 110,000 ya rasa kusan kashi 18 na abin da albashinsa ke saye, duk da sunan an yi masa ƙari. Manajan da ya tsaya yana cewa "kamfani ya gwangwaje ku" a gaban magidancin da ya rage mudun shinkafa a gidansa, ya ɓata abin da ya fi kuɗi wuyar gyarawa, domin daga ranar duk abin da ya faɗa sai an tace shi. Haƙuri ma, da muke saurin bayarwa, yana da muhalli. Idan ya zo bayan bayani, ladabi ne. Idan aka kawo shi don ya maye gurbin bayani, ma'aikata suna jin sa a matsayin umarnin yin shiru.

Faɗin gaskiya bai tilasta a baje duk littattafan kamfani ba. Albashin wane da wane sirri ne, haka bashin banki yana iya zama. Abin da ake bukata shi ne lamba ɗaya ko biyu da ma'aikata za su iya gaskatawa da idonsu. Mai kula da injin ya san wutar da ake ci, mai sito ya san kayan da suka taru ba su fita ba. Wannan ne kuma ke kama mai ƙarya: idan an ce babu kuɗi, sai ga sabuwar mota a gaban ofis bayan mako biyu, jawabin ya rushe. In akwai irin wannan sayayya a hanya, gara manaja ya ambace ta da kansa, ya faɗi dalilinta. Idan kuma ƙarin da manya suka samu ya fi na ƙanana, kada ya ce ɗaya ne, domin akawu ya sani.

Ana gane jawabin ya shiga ne daga tambayoyi. Shiru da "Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe" ba alamar gamsuwa ba ne, a wurinmu sau da yawa kunya ce, maganar gaske kuma sai an fita bakin ƙofa. Shi ya sa yana da kyau manaja ya ware awa ɗaya washegari ga masu son ganinsa su kaɗai. Tambayar da za ta fi zuwa ita ce ta tsohon ma'aikaci: "Yallaɓai, shekarata goma sha biyu a nan, yaron da ya zo bara an ƙara masa dubu ashirin, ni dubu goma?" Korafinsa yana kan hanya, domin ɗaga na ƙasa ya matse tazarar da ke tsakanin sabo da gwani. Amsar da ta dace ita ce a amince da hakan, a ce doka ce ta sa aka fara da su, kuma gyaran tazarar ne zai zama na farko a zaman Yuli. Zaman manaja ya yi alkawari, bai yi alkawarin ƙari ba, don haka ya rubuta ranar a allon sanarwa, ya kuma kira shi ko da lissafin wata shidan bai ba da ko sisi ba.